SHEKARA UKU KAWAI? LISSAFIN FANSHON MA'AIKACIN DA YA YI HUTU BA ALBASHI

Ya kai mai karatu, na san za ka ce me ya haɗa ɗalibin da bai ma karɓi takardar kammala karatu ba da zancen fansho. Ni ma haka nake gani a da, har sai da lamarin ya shigo cikin gidanmu. Mahaifiyarmu ta kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya zama dole a samu wanda zai zauna da ita dare da rana. Mu huɗu ne a wurinta, maza uku da mace ɗaya. Ba a ma yi wata doguwar shawara ba, ido ya koma kan yayata, wadda ke koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Legas. Hukumar makarantar ta amince ta ba ta hutu ba albashi, da alkawarin gurbinta yana nan in ta dawo.

Ranar da ta karɓo takardar na tambaye ta, na ce, "Yaya, to fanshonki fa?" Sai ta yi dariya ta ce, "Kai auta, shekara uku ce kawai cikin talatin da biyar. Me za ta rage?" Kawunmu, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati tun kafin a sauya tsari, ya goya mata baya. Ya ce abin da za a rasa bai taka kara ya karya ba.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, wannan lissafi na "shekara uku kawai" kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Ba ina cewa kada a tafi karatu ko kada a yi jinyar iyaye ba ne. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda zai sa hannu a takardar hutu ba albashi ya kamata ya san ainihin abin da zai rasa, a kuma san wanda zai biya. Ga yadda muka zauna muka yi lissafin.

Daga Ƙidayar Shekaru Zuwa Ƙidayar Kuɗi

Kawunmu bai yi ƙarya ba, sai dai da ma'aunin zamaninsa ya auna. A tsohon tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, shekarun aiki ake ƙirgawa. Wanda ya yi shekara 10 yana samun kashi 30 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho, kowace shekara kuma tana ƙara masa kashi 2, har ya kai kashi 80 in ya cika shekara 35. A irin wannan tsari kowace shekara daidai take da 'yar'uwarta. Ta farko da ta ƙarshe duk kashi 2 ne, don haka in an cire wa mutum shekara uku, kashi 6 ya rasa, shi ke nan.

Amma tun daga shekarar 2004 aka kafa dokar da ta kawo tsarin fansho na karo-karo, aka kuma sabunta ta a 2014. A wannan tsari kowane ma'aikaci yana da asusun ajiyar fansho na kansa, da sunansa da lambarsa, a hannun wani kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, ƙarƙashin sa idon Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom. Dokar 2014 ta ce duk wata a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba kashi 18 ɗin a asusun. Kamfanin yana juya kuɗin, ribar tana komawa cikin asusun. Ranar ritaya ba wanda zai tambaye ka shekara nawa ka yi. Abin da aka tarar a asusun, daga shi za a yanka maka abin da za ka riƙa karɓa. Wannan tsari shi ne ya shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni masu zaman kansu. Jihohi kuwa kowace da tata dokar, don haka ma'aikacin jiha sai ya fara binciken wane tsari yake ciki.

To a nan gizo ke saƙar. Watan da ba albashi, babu abin da za a cire kashi 8 daga cikinsa, kashi 10 na mai aiki ma ya tsaya. Asusun ba ya rufewa, abin da ke ciki yana ci gaba da juyawa, amma sabon zubi ba ya shiga. Kuma kuɗin da bai shiga yau ba, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da duk ribar da zai haifar daga yau zuwa ranar ritaya. Kamar manomin da ya cinye irin shuka ne. Ba mudu ɗaya ya rasa ba, damin da mudun zai bayar ya rasa.

Yadda Muka Yi Lissafin

Bari in daidaita alƙaluman yayata don su yi sauƙin bi. Ta kama aiki tana da shekara 25, yanzu tana da 30, tana kuma fatan ajiye aiki a 60. Abu na farko da muka nema shi ne albashin da ake lissafa fansho a kansa. Wannan ba lallai ya zama duk abin da ke shiga hannu a ƙarshen wata ba. Doka ta ce kada ya gaza jimillar tsagwaron albashi da kuɗin gida da kuɗin mota, sauran alawus kuwa ya danganta da yarjejeniyar aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba takardar albashi a ga nawa ake cirewa da sunan fansho. Ita ana cire mata naira 16,000, wato kashi 8 na naira 200,000. Makaranta tana ɗora naira 20,000. Jimilla naira 36,000 ke nan a wata, ko naira 432,000 a shekara.

Mataki na biyu shi ne zubin da ba zai shiga ba. Shekara uku sau naira 432,000 ya ba mu naira 1,296,000. A nan yawancin mutane suke tsayawa, su ce ai miliyan ɗaya da 'yan kai ne. Ko a nan ma akwai abin lura. Yayata ta ɗauka naira 16,000 ɗinta kawai za ta rasa, ta manta cewa fiye da rabin zubin ba daga aljihunta yake fitowa ba.

Mataki na uku shi ne ribar da kuɗin za su yi da sun shiga. A nan dole mutum ya yi zato, domin ba wanda ya san gobe. Akwai kuma tarkon da ya kamata a kauce wa. Idan takardar asusu ta nuna ribar kashi 15 a shekara, alhali farashin kaya ya tashi da kashi 12, to ribar gaskiya kusan kashi 3 ce kawai. Saboda haka muka yi duk lissafinmu da darajar naira ta yau, muka ɗauka a matsayin misali cewa asusun zai riƙa haura tashin farashi da kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Wannan zatona ne, ba alkawarin wani kamfani ba ne.

Yin lissafin bai wuce na'urar lissafi ta wayar hannu ba. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 4 a shekara, ana ninka shi da 1.04 sau ɗaya a kowace shekara. Zubin shekara ukun, da ya shiga, zai zama kimanin naira 1,350,000 a ranar da za ta koma aiki tana da shekara 33. Daga nan saura shekara 27 ta kai 60. Idan aka ninka da 1.04 har sau 27, kuɗi yana komawa kusan ninki uku, takamaimai 2.88. Wato giɓin da ya fara a naira miliyan 1.3 zai zama kimanin naira miliyan 3.9 a ranar ritaya.

Don a ga girman abin, sai a kwatanta shi da cikakken asusu. Da za ta yi shekara 35 ba yankewa a kan wannan albashi, za ta tara kimanin naira miliyan 31.8. Da giɓin kuwa za ta tashi da miliyan 27.9. Shekara 3 cikin 35 ba ta kai kashi 9 cikin 100 na lokacin aikinta ba, amma ta tafi da kashi 12 na abin da za ta tara.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da wannan zuwa abin da za a karɓa a wata, domin shi ne abin da tsoho ke gani. A zahiri mai ritaya yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko dai kamfanin fanshon ya riƙa biyansa wata-wata, ko ya saya wa kansa biyan har abada daga kamfanin inshora. Ainihin adadin yana bin shekarun mutum da jinsinsa da albashinsa na ƙarshe da abin da ke asusun. Mu dai ƙiyasi muka yi mai sauƙi: muka raba kuɗin a kan shekara 20, wato wata 240, ba tare da cire komai a dunƙule ko ƙara riba ba. Cikakken asusu ya ba da naira 132,500 a wata, mai giɓi ya ba da naira 116,250. Bambancin ya haura naira 16,000 kowane wata, har tsawon shekara 20. Da na nuna mata, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ashe kuɗin maganin tsufana ne zan bayar."

Lokacin Giɓi Ya Fi Tsawonsa Muhimmanci

Wani abu da lissafin ya fito da shi, wanda ban taɓa kawowa a raina ba, shi ne shekara uku ba ɗaya take da shekara uku ba. Da a ce yayata za ta yi wannan hutu ne daga shekara 54 zuwa 57, a kan albashi iri ɗaya, kuɗin da ba su shiga ba shekara uku kawai za su yi suna juyawa kafin ritaya. Asarar za ta tsaya a kimanin naira miliyan 1.5, wato ƙasa da kashi 5 cikin 100. Hutu iri ɗaya, tsawo ɗaya, amma na ƙuruciya ya ninka na manyanta sau biyu da rabi. Abin takaici kuma, a ƙuruciyar ne ake tafiya ƙarin karatu, a ƙuruciyar ne ake goyo da reno.

Sai dai adalci ne in faɗi iyakar wannan lissafi, don kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Da farko, na bar albashi a wuri ɗaya tsawon shekara 35, alhali mutum yana samun ƙarin girma. Idan albashinta a shekara 54 ya ninka na yau a ainihin daraja, giɓin manyanta zai kai miliyan 3, ya matso kusa da na ƙuruciya, ko da yake bai kamo shi ba. Na biyu, ribar kashi 4 ba tabbas ba ce. A watan Disamba na 2024 alƙaluman hukuma sun nuna tashin farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100 a Nijeriya, kuma a irin wannan shekara ribar asusun fansho ba ta kamo farashin kasuwa. Idan aka yi rashin sa'a riba ta riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi, ba ta haura shi ba, to asarar ta koma naira miliyan 1.3 ɗin nan, kashi 9 cikin 100. Amma wannan ba abin murna ba ne, domin a lokacin dukan asusun ne ya tsuke zuwa kimanin miliyan 15. Shawarata ita ce mutum ya yi lissafin sau biyu, da riba da kuma ba riba, ya san cewa gaskiya tana tsakani.

Giɓin Karatu Daban, Na Jinya Daban

Mutane kan haɗa duk hutu ba albashi a kwando ɗaya, ni kuwa ina ganin akwai bambanci babba. Wanda ya tafi ƙarin karatu yana iya dawowa da takardar da za ta ɗaga albashinsa, ƙarin albashi kuwa ƙarin zubi ne. Ana ma iya lissafa inda za a yi canjaras. Don cike giɓin miliyan 3.9 cikin shekara 27, ana bukatar ƙarin zubi na kimanin naira 6,900 a wata. Wane ƙarin albashi ne kashi 18 ɗinsa zai ba da wannan? Kimanin naira 38,000. Ma'ana, idan digirin zai ɗaga albashin fansho daga naira 200,000 zuwa 238,000 sama da inda zai kai ba tare da shi ba, giɓin zai toshe kansa. Idan kuwa takardar ba za ta ƙara komai a wurin aikin ba, to a san cewa ban da kuɗin makaranta akwai wani kuɗin da aka biya a ɓoye. Wannan ita ce tambayar da ya kamata mu ɗalibai mu riƙe, domin da yawanmu za mu kama koyarwa sannan mu nemi komawa digiri na biyu. Haka kuma a nemi hutun karatu mai albashi tukuna, ko da rabin albashi ne, domin muddin albashi yana fita zubi yana shiga.

Mai jinya ko mai reno kuwa ba ta dawowa da wata takarda. Hasali ma takan dawo ta tarar sa'o'inta sun wuce ta da mataki ɗaya ko biyu, sai ta ci gaba da zubi a kan albashin da ya gaza nasu har ƙarshen aikinta. Wannan asara ta biyu ba ta cikin miliyan 3.9 da muka lissafa. A kanta take hawa.

Akwai kuma wata shawara da aka ba yayata wadda ta kusa ƙara rami a kan rami. Wata abokiyar aikinta ta ce ta ajiye aikin gaba ɗaya, domin doka ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aiki kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya cire har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Gaskiya ne dokar ta tanadi haka. A lissafinmu, bayan shekara biyar tana zubi tana da kimanin naira miliyan 2.3, rubu'insa kuwa naira 585,000. Kuɗi ne masu amfani ga mai jinya. Amma da an bar su shekara 30, za su zama kusan miliyan 1.9. Ba na zargin wanda wuya ta kai shi ga cirewa, amma ya san cewa bashi ya ci daga tsohon da zai zama.

Giɓin Gaskiya Da Giɓin Ƙarya

Kafin a lissafa kowane giɓi, sai an tabbatar na gaskiya ne. Da muka karɓo cikakken bayanin asusunta daga kamfanin fansho, muka jera shi da takardun albashinta wata bayan wata, sai muka ga wata biyu a shekararta ta uku da aka cire mata naira 16,000 amma ba abin da ya shiga asusun. Ba hutu ta yi ba a lokacin, tana aji tana koyarwa. An cire ne ba a aika ba.

Gane wannan ba shi da wuya. Kowane watan da takardar albashi ta nuna an cire kuɗin fansho, dole a ga layinsa a bayanin asusu, da kason ma'aikaci da na mai aiki. In an ga wata ba layi, ko an ga kaso ɗaya babu ɗayan, ko adadin ya gaza kashi 18, to akwai magana. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi ya aika da kuɗin, ta kuma ɗora masa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Irin wannan giɓi ba ma'aikaci ne zai cike shi ba, bashi ne a wuyan mai aiki. Ana fara rubuta wa ofishin kuɗi na wurin aiki, a sanar da kamfanin fansho, in abin ya ƙi a kai ƙara PenCom. Yayata ta rubuta tun kafin ta tafi hutu, lokacin da wanda ya san zancen yana nan a ofis, aka kuwa biya. Da ta bari sai bayan shekara 27, wa zai tuna? Don haka kada a yar da takardar albashi ko ɗaya, haka ma takardar amincewa da hutu da ta dawowa aiki, domin su ne za su raba watan da ba a yi aiki ba da watan da aka riƙe haƙƙi.

Wa Zai Biya?

Giɓin gaskiya ana iya toshe shi, domin doka ta ba ma'aikaci damar yin ƙarin zubi na ganin dama a kan kashi 8 ɗinsa, ta hanyar umartar wurin aikinsa ya riƙa cirewa daga albashi. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma alƙaluma sun gaskata su. Idan yayata ta fara da zarar ta koma aiki, kimanin naira 7,000 a wata ya isa, wato kashi 3.5 na albashinta, muddin tana ɗaga adadin yadda farashi ke tashi. Idan ta jira sai ta kai shekara 50, za ta bukaci kimanin naira 27,000 a wata don cike rami ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta umarnin da kaso cikin ɗari, ba da tsayayyen adadi ba, don ya riƙa tashi tare da albashi. Wanda kuma yake gudun kuɗin ruwa, tun 2021 aka fito da rukunin asusun da ba ya mu'amala da shi, yana iya neman a mayar da shi can.

Amma tambayar da ta fi damuna ita ce, don me ita za ta biya? Uwar ta mu huɗu ce. Mu maza uku ba wanda albashinsa ko karatunsa ya tsaya ko na kwana ɗaya. Da na kawo maganar a taron gida, babban wanmu ya ɓata rai. Ya ce, "Yanzu jinyar mahaifiya ce za a sa wa farashi? Ai mu muke sayen magani." Na ce, "Yaya, ba jinyar na sa wa farashi ba, ba ta da farashi. Asarar na lissafa. Kuɗin magani kowa yana ganinsa don akwai rasit, nata kuwa ba za a gan shi ba sai ta tsufa, lokacin kowa yana fama da nasa gidan." Bai amsa a ranar ba. Bayan mako biyu ya kira ta ya ce in ta koma aiki, shi da mai bi masa za su riƙa mayar mata da abin da za a riƙa cirewa na ƙarin zubin, ni ma in na kama aiki in shiga a raba uku. Naira 7,000 a tsakanin mutum uku ba ta kai kuɗin katin waya ba.

Sai dai ba kowace mace ce ke da 'yan'uwan da za su saurara ba, shi ya sa nake ganin gyaran ya wuce na cikin gida. Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa reno da jinya aiki ne. A Birtaniya, inda ake bukatar shekara 35 ta zubi don samun cikakken fanshon gwamnati a tsarin da ya fara a 2016, ana rubuta wa mai renon yaron da bai kai shekara 12 ba shekarunsa kamar ya yi zubi, haka ma wanda ke jinyar wani na aƙalla awa 20 a mako in ya cika sharuɗɗa. A Jamus ana lissafa wa mai reno shekara uku a kan kowane yaron da aka haifa daga 1992. Za a ce waɗannan masu kuɗi ne, kuma tsarinsu ba irin namu ba ne, mu da ko haƙƙin da ke rubuce ma sai an yi ta bibiya. Na yarda da wannan. Ban ce a kwafo nasu dungurungum ba. Amma ana iya farawa da kaɗan. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kashi 18 ɗinsa kuwa naira 12,600. Da za a ce duk ma'aikacin da aka ba hutun jinya ko reno a rubuce, a riƙa zuba masa wannan adadi na wani ƙayyadadden lokaci, gwamnati da mai aiki su raba, da an toshe kusan sulusin ramin irin na yayata, kuma a daidai shekarun da naira ɗaya ke zama uku.

Akwai ma abin da ba ya cin ko kwabo. Duk ofishin da zai ba da takardar hutu ba albashi, ya rubuta layi biyu a ƙasanta: ga adadin zubin da zai tsaya kowane wata, ga kuma hanyar yin ƙarin zubi in an dawo. Takardar yayata ta faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, har da umarnin mayar da makullin ofis, amma ba ta ambaci fansho ko sau ɗaya ba.

Kammalawa

Yayata ta tafi hutunta, kuma da za a sake ba ta zaɓi na san haka za ta sake yi. Bambancin kawai shi ne ta tafi da sanin abin da ta bayar, mu ma mun sani, an kuma raba nauyin. Don haka ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ranar da irin wannan takarda ta zo gabanka, kafin ka sa hannu ka nemi abu huɗu: nawa ke shiga asusunka a wata, wata nawa za ka yi ba zubi, shekara nawa ta rage maka bayan ka dawo, sannan ka ninka da 1.04 sau adadin shekarun. Lissafin ba zai ci maka minti goma ba. In kuma a gidanku wata ce ta ajiye aikinta don ku ku ci gaba da naku, to kai ka yi mata lissafin, ka kai shi taron gida.